Inshorar Mota Ta Dole: Wa Ake Biya, Kuma Nawa?

Daga Wakilinmu

Tun daga ranar 1 ga watan Fabrairu na shekarar 2025, sa'ad da 'yan sanda suka soma aiwatar da umurnin Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, cewa a riƙa binciken takardar inshora a hannun kowane mai abin hawa, maganar inshorar mota ta dawo bakin jama'a a ofisoshi da tashoshin mota da makarantu. To amma wanda ya kasa kunne zai ji cewa galibin maganar ba ta wuce ta yadda mutum zai tsira a shingen bincike ba. Mai mota yakan biya kuɗin tare da na sabunta lasin, ya naɗe takardar ya cusa a aljihun mota, ba ya sake tunawa da ita sai ran da mai kaki ya miƙo hannu. Da yawa sun ɗauke ta wani haraji ne kawai da aka canja wa suna.

Alhali kuwa ba haraji ba ne, kuma ba don ɗan sanda aka yi takardar ba. Hasali ma ba don mai motar aka tilasta ta ba. An yi ta ne don mutumin da bai san an yi ta ba, watau mai tafiya a ƙasa da mota ta buge, ko mai wata motar da aka ragargaza masa ita. Shi ne ke da haƙƙi a cikinta, kuma shi ne yawanci ba ya neman haƙƙin nan.

Asalin Dokar

Tunanin tilasta wa masu mota yin inshora daga Ingila ya zo Nijeriya. Da motoci suka yawaita a can bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai kotuna suka riƙa cin karo da wata matsala: alƙali zai tabbatar da cewa gangancin direba ne ya nakasa mutum, ya yanke diyya mai yawa, amma direban ba shi da abin biya. Wanda aka nakasa ya ci shari'a, ya koma gida da takardar hukunci da aljihu wayam. Saboda haka a shekarar 1930 majalisar Ingila ta yi dokar hanya wadda ta haramta hawa titi da mota sai da inshorar da za ta biya wanda aka ji wa ciwo. Gwamnatin mulkin mallaka ta kwaikwayi wannan doka a Nijeriya a 1945, aka fara aiki da ita a 1950.

Hujjar dokar a fili take. Mota aba ce da mai matsakaicin ƙarfi zai iya mallaka, amma ɓarnar da takan yi cikin ƙiftawar ido ta fi ƙarfin albashinsa na shekaru. Ma'aikacin da ya yi adashi ko ya ci bashi ya sayi tsohuwar mota, in ya karya ƙafar magidanci mai 'ya'ya bakwai, ko ya sayar da motar kuɗin ba zai ɗauki nauyin gidan nan ba. Tun da ba za a hana mutane tuƙi sai masu dukiya ba, sai aka ce kowa ya zuba ɗan abu kaɗan a shekara, kamfani ya tara, ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗaya daga cikinsu a biya daga abin da aka tara.

Abin da ke ƙara nuna manufar shi ne waɗanda dokar 1945 ta ɗauke wa nauyin. Ta keɓe motocin gwamnati da ke bakin aikin gwamnati, ta kuma keɓe wanda ya ajiye wasu kuɗi masu kauri a hannun Babban Akanta a matsayin jingina. Ba don motocinsu ba sa buge mutane ba ne. Don an ɗauka suna da abin biya ne. Abin da ya dami dokar ke nan tun farko: a tabbata akwai aljihun da za a sa hannu a ciki.

Dokar 1945 rai da lafiyar jiki kaɗai ta tilasta a yi wa inshora, ba ta taɓa dukiya ba. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta a haɗa da ɓarnar dukiyar wasu har zuwa aƙalla Naira miliyan 1, ta kuma sa tarar N250,000 ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyu, ga wanda ya ƙi, alhali tarar tsohuwar dokar N400 ce. A shekarar 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta soke waɗancan biyun ta tattara hukuncinsu wuri guda. Tilascin yana nan daram.

Wane Ne Mutum Na Uku?

Ana kiran wannan inshora ta mutum na uku, kuma sunan ne ke rikita mutane. Yarjejeniyar tsakanin mutum biyu take: mai mota shi ne na farko, kamfanin inshora na biyu. Duk wanda ba ya cikin yarjejeniyar amma motar ta cutar da shi, shi ne na uku. Alkawarin kamfani shi ne: duk abin da doka ta ɗora wa mai motar ya biya wani saboda haɗarin da motarsa ta yi, kamfani zai biya a madadinsa. Daga nan za a gane cewa motar mai inshorar da jikinsa ba sa cikin lissafi. Wanda ke son a gyara masa tasa motar sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta bai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba a shekara, ita kuwa ba dole ba ce.

Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAICOM, ita ke yanke farashi. Bisa ga sanarwar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023, mai ƙaramar mota ta hawan kansa yana biyan N15,000 a shekara maimakon N5,000 na da, kuma iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar dakon kaya N100,000 ne, iyakarta miliyan 5. Keke mai ƙafa uku N5,000, iyakarsa miliyan 2. Babur kuwa N3,000, iyakarsa miliyan 1.

Waɗannan iyakoki duk na dukiya ne. Game da rai da raunin jiki babu iyaka: abin da aka daidaita a kai, ko abin da kotu ta yanke, shi kamfani zai biya. Wannan shi ne muhimmin abin da ke cikin takardar N15,000, kuma shi ne abin da aka fi jahilta, har ma wasu suna zaton miliyan 3 ɗin nan ita ce kuɗin ran mutum.

An yi ta ƙorafi a 2023 cewa an ninka farashi har sau uku. Amma wanda ya yi lissafi zai ga ma'aunin bai motsa ba: da can sai an tara kuɗin mota 200 kafin a biya cikakkiyar ɓarna guda ta miliyan 1, yanzu ma sai an tara na mota 200 kafin a biya miliyan 3. Ƙorafin da ya fi cancanta shi ne cewa miliyan 1 ta zauna kusan shekara ashirin ba a taɓa ta ba, kuma miliyan 3 ɗin ma ta zo ne watanni kaɗan kafin faɗuwar darajar Naira a 2023, wadda ta sa kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo.

Misali Da Lissafinsa

Don a ga yadda abin ke aiki, a ƙaddara wani ma'aikacin sakatariya ne ya taso daga ofis da la'asar a cikin motarsa, yana da inshora ta gaskiya ta N15,000 da lasin tuƙi mai rai. Ya iso mararraba da gudu yana duba wayarsa, ya taka birki a makare, ya daki bayan motar wani ɗan kasuwa, motarsa ta kauce ta kwashe wani ɗan garuwa da ke tsallaka titi da kurarsa, kana ta tsaya a cikin rumfar wani mai shayi. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, amma hanyar lissafin ita ce ta zahiri.

A fara da dukiya, don ita ce mai sauƙi. Ɗan kasuwa zai kawo ƙiyasin bakanike da na mai gyaran jikin mota da fenti, kamfani kuma ya aiko da injiniyansa ya duba motar kafin a taɓa ta. A ce sun daidaita a kan N3,400,000. Rumfar mai shayi da tukwanensa da kayan sayarwa sun kama N300,000, kurar ɗan garuwa da jarkokinsa N100,000. Jimla N3,800,000 ke nan. Iyakar miliyan 3 ta haɗari guda ce, ba ta kowane mai ƙara ba, saboda haka kamfani zai tsaya a N3,000,000. Ragowar N800,000 ba ta faɗi ba. Tana wuyan ma'aikacin, daga aljihunsa zai biya. Tasa motar kuwa, da lagireto da fitilu da duk abin da ya fashe, ba ruwan kamfani da ita.

Akwai abin da ɗan kasuwan ya kamata ya sani, don nan ne rigima kan tashi. Inshora mayar da mutum take yi inda yake kafin haɗari, ba ta ƙara masa arziki. In motarsa tsohuwa ce, ba za a saya masa sabuwa ba. In kuma kuɗin gyara ya zarce darajar motar, sai a ɗauke ta a matsayin wadda ta mutu, a biya shi abin da za ta yi a kasuwa ana gobe haɗarin, a cire kuɗin gawar motar in shi zai riƙe ta. In kuwa yana da cikakkiyar inshora tasa ta kansa, hanya mafi sauri ita ce kamfaninsa ya gyara masa, sa'an nan kamfanin ya bi na ma'aikacin ya karɓi abin da ya kashe.

Maganar ɗan garuwa ita ce mai nauyi. A ce ƙashin cinyarsa ya karye, an yi masa aiki an sa ƙarfe, ya yi wata shida bai tura kura ba, kuma likita ya rubuta cewa zai warke da ɗingishi. Diyyarsa kashi biyu ce. Kashi na farko asarar da ake iya ƙirgawa: kuɗin asibiti da magani da hoton ƙashi da zirga-zirga, a ce N900,000, sai kuma abin da ya rasa na sana'a. In yana samun N4,000 a rana, kwana 26 a wata, wata shida sun kama N624,000. Jimlar kashin farko N1,524,000. Kotu ba ta ba da irin wannan sai an zayyana shi dalla-dalla an kuma kawo shaida, don haka kowane rasit na kantin magani kuɗi ne, wanda aka yar kuwa an yar da kuɗinsa.

Kashi na biyu shi ne abin da ba shi da rasit: azabar da ya sha, da nakasar da za ta bi shi, da raguwar ƙarfin neman abincinsa nan gaba. Wannan alƙali ne ke ƙiyasta shi, yana duba shekarun mutum da sana'arsa da rahoton likita da abin da aka yanke a shari'o'i makamanta. Ɗingishi ga mai aikin tebur daban ne da ɗingishi ga wanda ƙafarsa ce jarinsa. A ce an sa N2,000,000. Duka-duka diyyar ta zama N3,524,000, kuma ba ta shiga cikin miliyan 3 ta dukiya. Dabam kamfani zai biya ta.

Sai dai lauyan kamfani ba zai zauna ya naɗe hannu ba. In ya kawo shaida cewa ɗan garuwan ya faɗo titi ne daga bayan wata babbar mota bai duba ba, kotu tana da ikon raba laifin. In ta ce rubu'in laifin nasa ne, sai a zabtare rubu'in diyyar, watau N881,000, ya tashi da N2,643,000. Da a ce ya rasu, waɗanda yake ciyarwa ne za su nema, matansa da 'ya'yansa da iyayensa, kuma ma'aunin shi ne abin da yake kashewa a kansu da yawan shekarun da ake sa ran zai ci gaba da yi.

Sai An Tabbatar Da Laifi

Wannan rabon laifi ya kai ga iyakar da ta fi kowace girma a tsarin Nijeriya. Kamfani ba ya biya don kawai mota ta taɓa mutum. Yana biyan abin da ya hau kan direba ne. In ba a tabbatar da sakacin direba ba, to babu abin da ya hau kansa, kamfani ma babu abin da ya hau kansa. Nauyin kawo hujja kuwa yana kan wanda aka buge, mutumin da a lokacin da ake auna titi yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba.

Ba ko'ina ne haka abin yake ba. A Nijar da Chadi da Kamaru, waɗanda ke bin dokar inshora ta bai ɗaya da ƙasashe masu amfani da Faransanci suka amince da ita a Yawunde a 1992, ba a kafa hujja da kuskuren mai tafiya a ƙasa don a hana shi diyyar raunin jikinsa, sai in da gangan ya jefa kansa. Amma can ɗin an ƙayyade diyyar da wani jadawali mai iyaka. Watau Bahaushen Maraɗi ya fi samun tabbacin za a biya shi, na Katsina kuwa ba a sa wa tasa diyyar iyaka ba amma sai ya yi da gaske kafin ya same ta. Ga talaka marar lauya, da wuya a ce tsarin Nijeriya ne ya fi sauƙi.

Saboda haka abin da aka yi a sa'o'in farko shi ke yanke makomar neman diyya. Dole 'yan'uwan wanda aka buge su rubuta lambar motar, su ga takardar inshorar su kwafi sunan kamfani da lambar yarjejeniya, su ɗauki hoton wurin kafin a janye motoci, su riƙe sunayen mutum biyu ko uku da abin ya faru a gabansu. A kai rahoto ga 'yan sanda, domin rahotonsu da zanen wurin haɗari su ne abin da kamfani zai fara tambaya. A kuma kai majinyaci asibiti ko da daga baya za a koma wurin maɗori. Maɗori yana iya haɗa ƙashi, amma ba ya ba da rahoton likita, kamfani kuwa ba ya biyan karayar da ba a rubuta ba.

Bayan haka sai a rubuta wa mai motar da kamfaninsa takardar neman diyya, a haɗa da kwafen shaidu. Sau da yawa a nan ake daidaitawa ba a je kotu ba. In an je kotu, direba da mai motar ake ƙara, tun da su suka yi ɓarnar, amma wajibi ne a sanar da kamfani a rubuce. Dokar 2003 ta ce in kamfani bai sami labarin ƙarar ba kafin a shigar da ita ko cikin kwana 30 bayan shigarwa, ba a tilasta masa biyan hukuncin. Da yawa an yi asarar haƙƙi a kan wannan 'yar takarda guda. Kamfanin da ya yi ta jan ƙafa bayan an cika masa sharuɗɗa kuwa, ana iya kai kukansa ga sashen sauraron ƙorafi na NAICOM.

Sulhun Bakin Titi

A ƙasar Hausa ba kasafai magana kan kai nan ba. Da zarar haɗari ya auku sai dattawa su shiga tsakani. Mai mota ya ɗauki majinyaci zuwa asibiti, ya biya kuɗin kwanakin farko, ya zo dubiya da 'yan'uwansa. Iyalin majinyaci su ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sun yafe. A je ofishin 'yan sanda a sa hannu a kashe magana. Wannan hali ne na mutunci, kuma ya kashe wutar fitina da yawa. Amma ya kamata a lura da wanda ya ci ribar yafewar. Mai motar ya riga ya biya N15,000 tun farkon shekara don irin wannan rana. In aka karɓi N2,643,000 ɗin nan, ba daga albashinsa za ta fito ba. Wanda aka yafe wa a zahiri kamfani ne, wanda bai zo dubiya ba, bai ma ji labari ba. Bayan wata uku mai motar ya gaji da hidima ya janye, ɗan garuwa ya rage da sanda da iyali.

Kuma takardar da aka sa wa hannu tana da ƙarfi. Tun da bashin kamfani reshe ne na bashin direba, wanda ya rubuta cewa ya karɓi N150,000 ya sallami direba daga kowane irin nema, to ya ba kamfani hujjar cewa shi ma an sallame shi. Ana iya yafe wa direba ɓacin rai, a roƙi hukuma ta sassauta masa, ba tare da an rubuta cewa an bar diyya ba.

Shi ma mai motar sulhun gaggawa yana iya cutar da shi. A cikin sharuɗɗan yarjejeniyar akwai cewa ya sanar da kamfani nan da nan, kuma kada ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya sai da yardarsu. Wanda ya yi gaban kansa ya biya ɗan kasuwa, sa'an nan ya je neman a mayar masa, yana iya dawowa hannu rabbana. Kai majinyaci asibiti da taimaka masa ba amsa laifi ba ne. Dokar 1945 ta kuma yi wa mutum na uku wata garkuwa: saɓa sharaɗin da mai mota ya yi bayan haɗari, kamar ƙin sanar da kamfani, ba ya zama hujjar hana wanda aka raunata haƙƙinsa, sai dai kamfani ya biya ya koma ya bi mai motar.

Akwai masu ƙin taɓa kuɗin inshora saboda shakkar halaccinta. Ga masu wannan damuwa, tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau inshorar taimakon juna bisa tsarin Musulunci, kuma akwai kamfanonin da aka ba lasin suna ba da takardar mota da hukuma ta yarda da ita.

Takardar Da Ba Ta Biya

Duk lissafin da ya gabata ya dogara ne a kan cewa takardar ta gaskiya ce. Shekara da shekaru 'yan ka-yi-na-yi da ke kewaye ofisoshin lasin suna haɗa wa mutane takardun mota a dunƙule, a ciki har da takardar inshora mai hatimi da sunan kamfanin da ko dai babu shi, ko kuwa akwai shi amma kuɗin bai kai gare shi ba. Tun a dokar 2003 aka rubuta cewa in kuɗi bai shiga ba babu inshora. Alamar farko ita ce araha: wanda aka sayar wa takardar ƙaramar mota a kan N5,000 bayan 2023, takarda kawai ya saya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai na motocin da aka yi wa inshora ta gaskiya. Ana dubawa a askniid.org, ko a buga *565*11# a waya a shigar da lambar mota. In motar ba ta fito ba, sai mai ita ya tuntuɓi kamfanin tun kafin wani abu ya faru. Wanda aka buge ma yana iya duba lambar motar da ta buge shi ta wannan hanya.

Takarda ta gaskiya ma tana iya zama banza ta hanyoyi biyu da suka shafi ma'aikata ƙwarai. Ta farko ita ce kabu-kabu. Inshorar N15,000 an rubuta a jikinta cewa ta hawan kai ce da harkokin mai motar, ban da ɗaukar fasinja don kuɗi. Ma'aikacin da ke ɗibar fasinja bayan tashi daga aiki don ya sami kuɗin mai, in haɗari ya same shi a wannan hali, ya ba kamfani ƙofar zamewa. Haka kuma wanda ya miƙa makulli ga ɗansa ɗalibi da bai taɓa mallakar lasin ba. Ta biyu ita ce sayen mota a hannu. Yarjejeniyar da mutum aka ƙulla ta, ba da ƙarfe ba, don haka ba ta bin mota zuwa ga sabon mai ita. Wanda ya sayi mota ya ga saura wata takwas a takardar tsohon mai ita ya ce ya huta, a haƙiƙa ba shi da inshora tun daga ranar da ya karɓi makulli.

In motar ba ta da inshora, haƙƙin wanda aka buge bai mutu ba, sai dai ya koma inda aka fito kafin 1950: ya bi mai motar, ya sami abin da aljihunsa zai iya. In kuwa direban ya tsere ba a ga lamba ba, babu ma wanda za a bi. Dokar 2003 ta yi tanadin wani asusu a hannun NAICOM da za a riƙa biyan waɗanda direba marar inshora ko wanda ba a gane ba ya kashe ko ya nakasa, amma tanadin bai yi tasirin da jama'a suka gani a ƙasa ba. Dokar 2025 ta sake kafa asusu na musamman don waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su, wanda kamfanonin inshora za su riƙa zuba wa wani kaso daga abin da suke samu a inshorar mota. Mai neman wani abu daga irin wannan asusu ba shi da sunan kamfani ko lambar yarjejeniya da zai nuna. Abin da zai dogara da shi kawai shi ne rahoton 'yan sanda da na likitan da ya fara karɓarsa.